Godiyar amarya a wajen walima

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, surukaina, 'yan'uwa da abokan arziki, sannunku da zuwa, sannunku da hidima.

Na san a al'adarmu amarya ba ta cika buɗe baki a taro ba, kanta a sunkuye yake har a watse. Na nemi izinin Hajiya da na Baffa kafin in karɓi abin maganar nan, suka amince, saboda Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Godiya ta farko ta Allah ce, da ya nuna mana an ɗaura, an kawo ni daga Kano zuwa Katsina lafiya.

Baffa, tun da Allah ya karɓi ran Abbanmu kai ne uba. Kai ka karɓi masu neman aure, kai ka aika aka yi bincike, kai ka tsaya waliyyi a masallaci ranar Juma'a. Da aka zo maganar sadaki ka ce a rage, albarka ake nema. Allah ya jiƙan Abba, ya saka maka da Aljanna. Umma ba ta nan, don uwar amarya ba ta rakiya, amma Gwaggo za ta kai mata saƙona: kwanukan nan da ta riƙa saya ɗaya-ɗaya a Kasuwar Rimi tun ina makarantar sakandare, tana turawa ƙarƙashin gado, ga su a jere a ɗakina, ko murfi ɗaya bai ɓata ba.

Hajiya, uwata ta nan gidan. Da aka shigo da ni wajen buɗar kai, fuskata a lulluɓe, ƙafafuna suna rawa. Gwaggo ta ce ga amana an kawo. Kika ce ba suruka aka kawo miki ba, 'ya ce ta dawo gida. Sai kika kama hannuna kika zaunar da ni a kan dardumarki, kika sa aka kawo fura, don kin lura tun safe ban sa komai a bakina ba. Cikin hayaniyar nan da guɗa, ke ce kika lura. Ba zan manta ba. Alhaji, na gode da nasihar da ka yi mana mu biyu tare, ba ni kaɗai ba. Yayyen maigida da ƙannensa da kuka kawo lefe Kano, an gaya mini yadda kuka shiga da sallama da mutunci, aka buɗe akwatuna ba gori ba ƙidayar fariya, har tukwicin da aka ba ku sai da aka yi ta fama kafin ku karɓa.

Yanzu bari in daɗe a kan waɗanda ba su shiga hoto ko ɗaya ba, matan bayan gida.

Ranar wuni a Kano, wainar da aka ci ta kwano 10 na shinkafar tuwo ce. An jiƙa ta tun azahar ɗin jajibere, aka kai inji da magariba, aka zuba yis aka rufe a manyan robobi don ta kwana ta tashi. Daren ya zo da zafi, ƙullin ya tashi ya wuce misali. Da asuba Inna maƙwabciyarmu ta ɗaga murfi, ta ga ya yi kumfa ya koma ya faɗa, warin tsami ya bugi hanci. Ta ɗanɗana, ta ce kada kowa ya gaya wa Umma. Ta jiƙa kanwa, ta tace ruwan, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, tana soya guda ɗaya a tanda ta ɓara ta duba. Ta ce idan kanwar ta yi yawa wainar za ta yi ja ta yi bauri, shi ya sa ba a zuba ta gaba ɗaya. Sai da tsamin ya kwanta, cikin wainar ya fito fari da huji-huji, sannan ta ce a hura sauran gawayin. Mata huɗu suka zauna gaban tanda daga hantsi har la'asar, hayaƙi a ido, ga miyar taushe tana tafasa a gefe. Baƙi suka ci suka yaba, ba wanda ya san abin da ya faru. Ni ma sai jiya a mota ƙanwata ta ba ni labari. Inna, kin rufa mana asiri, Allah ya rufa miki na duniya da lahira.

Haka kayan gara. Gwaggo da ƙawayenta suka yi alkaki da dubulan, suka soya shinkafar nakiya suka daka ta a turmi da citta da kanumfari da man shanu, har tafin hannunsu ya yi kanta. Samarin unguwa suka ɗauko buhuna daga Singa, suka kafa rumfa, suka kwashe kujeru bayan kowa ya tafi. Masu wanke-wanke sun kai tsakar dare a bakin rijiya. Direbobin da suka biyo da mu ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya ba gudu ba ganganci, har da tsayawa a yi sallah, Allah ya kiyaye muku hanya kullum. Mai ƙunshi da mai gyaran jiki, aikinku yana hannuna kowa yana gani.

Ƙawayena, 'yan anko. Kun sha rana a Kantin Kwari kuna neman atamfar da kowa zai iya saya, kuka ƙi mai tsada don kada wata ta ji kunyar rashin yi. Wannan shawarar ta fi mini kowace kwalliya. Kun ɓoye ni ranar kamu, kun zo jere kun goge ɗaki kun ɗaura labule kun turara shi, kun yi ciniki wajen sayen baki ba tare da kun tozarta abokan ango ba. Babbar ƙawa, ke kika riƙe jakata da wayata da kuɗin liƙi, kika rubuta kowace gudummawa da sunan mai ita a littafi, don in san wanda zan rama wa idan nasa ya zo. Daren da za a kawo ni na kasa barci, kika zauna tare da ni har kiran assalatu.

Sai maigida. Ba zan kama sunanka ba, kuma a gaban iyaye ba zan tsawaita ba. Da aka sa rana, kai ka fara cewa kada gidanmu su ci bashi saboda kayan ɗaki, abin da ya sawwaƙa ya isa, ka kuma faɗa wa danginka haka da bakinka don kada wata magana ta biyo baya. Ka je gaban Baffa ka yi alkawarin zan ƙarasa karatuna, ban roƙe ka ba. Ka ziyarci kabarin Abba kafin ɗaurin aure ka yi masa addu'a. Na gode. Ni ma na yi maka alkawari a gaban waɗannan shaidu: zan riƙe iyayenka kamar nawa, zan riƙe sirrin gidanka, abin da ya dame ni kuma kai za ka fara ji. Allah ya ba mu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, yawanku ya fi ƙarfin tsayuwa ɗaya. 'Yan rakiya da za su koma Kano gobe, Hajiya ta ce kada kowa ya kama hanya sai ya karya kumallo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.