Amsoshin da ba daidai ba su ne aikin

Cikin rubuta tambayoyin canki-canka kan nahiyoyi da tekuna ga 'yan firamare, abin da ya fi cin lokacina shi ne zaɓuɓɓuka ukun nan da ba daidai ba. Amsa ta gaskiya kowa zai iya ɗauko ta daga taswira. Sauran ukun ne ke nuna ko yaro ya san abin ko ya yi sa'a ne kawai.

Ga tambaya: wane teku ne ke tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu? Idan aka jera Atlantika, Sahara, Nilu da Asiya, an gama ba da amsa tun kafin yaro ya yi tunani. Ya san Sahara hamada ce, Nilu kogi ne, Asiya nahiya ce, sai ya ɗauki abin da ya rage ko da bai taɓa ganin taswira ba. Saboda haka nake sa duka huɗun su zama tekuna: Atlantika, Indiya, Fasifik da Tekun Kudu. Kowanne yana da irin yaron da yake kamawa. Wanda ya zaɓi Indiya ya san tekun yana taɓa Afirka, amma gabas da yamma sun rikice masa. Wanda ya zaɓi Fasifik ko dai ya tsallaka ɗaya gefen Amurka ta Kudu, ko kuma sunan da ya fi ji a aji ya bi. Mai Tekun Kudu kuwa, sau da yawa kalmar "Kudu" ya gani a tambayar ya nemo 'yar uwarta.

Bayan an yi maki, ba na tsayawa a jimla. Ina ƙirga yara nawa suka faɗa wa kowane zaɓi. A ce aji mai yara 40 ne, 22 suka ce Atlantika, 13 suka ce Indiya, sauran biyar suka rabu. Waɗannan 13 sun faɗa mini darasin gobe: a koma kan gabas da yamma, taswira a bango, yaro ya sa yatsa. Da a ce kowane zaɓi ya samu wajen yara goma, to canka kawai aka yi, domin mai zaɓi huɗu ko ido a rufe zai dace sau ɗaya cikin huɗu. Zaɓin da ba wanda ya taɓa shi kuma ba ya aikin komai, sai a canza shi. Akwai wata alama da ta fi waɗannan tayar mini da hankali, wato in ga yaran da suka fi ƙoƙari a sauran tambayoyi sun taru a kan amsar da na ɗauka kuskure ce. A nan tambayar nake tuhuma, ba yaran ba.

Wannan yakan faru a tambayoyin ƙidaya. "Nahiyoyi nawa ne a duniya?" kamar ba ta da wata matsala, amma inda wasu ke koyar da bakwai, wasu ƙasashen shida suke koyarwa, ko dai su haɗa Turai da Asiya, ko su ɗauki Amurka biyun a matsayin ɗaya. Tekuna ma haka. Tsofaffin littattafai huɗu suke kawowa, sababbi suna ƙara Tekun Kudu mai kewaye Antaktika su zama biyar. Idan huɗu da biyar duka suna cikin zaɓi, yaron da ya karanta tsohon littafi a gida zai faɗi alhali bai yi laifi ba. Ko in rubuta "bisa littafinmu na aji", ko in cire lambar da ake saɓani a kanta. Haka nake kauce wa tambayar nahiyar da Rasha ko Turkiyya take, tunda kowacce ta ratsa Turai da Asiya. Masar ma yankinta na Sinai a Asiya yake.

Taswirar bango ita ma takan sa baki. Irin ta Merkato, wadda aka fara zanawa a 1569 don matuƙan jiragen ruwa, tana kumbura duk abin da ya yi nisa da layin da ya raba duniya arewa da kudu. A kanta tsibirin Girinlan, da ke can arewacin duniya, yakan yi kusan girman Afirka, alhali Afirka tana da faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 30, Girinlan kuwa miliyan biyu da 'yan kai. Antaktika ma takan shimfiɗe ƙasan taswirar gaba ɗaya, ga shi ba ta kai rabin Afirka ba. Don haka idan na tambayi nahiyar da ta fi girma yaro ya bar Asiya ya ce Antaktika, na san idonsa ya gaskata. Kafin irin wannan tambayar nakan kawo ƙwallon duniya aji, su juya shi da hannunsu su kwatanta.