Yau na haɗa Alhaji da Malam a Dawanau

Talata, bayan sallar Isha'i.

Alhamdu lillahi, yau Alhaji da Malam sun zauna wuri ɗaya. Alhaji yana da sito a kasuwar Dawanau, yana tara riɗi yana tura wa masu fitar da shi waje ta Legas. Malam kuwa sakataren wata ƙungiyar manoma ne a yankin Maigatari. Kowannensu ya sha yi mini kuka: Alhaji ya gaji da riɗi mai tsakuwa da ƙasa wanda sai ya sake biyan kuɗin tankaɗewa, su Malam kuma duk kaka 'yan tsakiya ke kwashe musu amfani da araha.

Ban taɓa yarda da tura wa mutum lambar wani a ce "ku yi magana" ba. Tun makon jiya na kira kowa shi kaɗai na nemi izininsa, na faɗa masa abin da zai samu da abin da ba zai samu ba. Na gaya wa Alhaji ƙungiyar ba ta iya cika tirela a ɗauka ɗaya, sai an bi ƙauyuka an tattara. Na kuma sanar da Malam cewa Alhaji da sikeli yake saye, ba da kwano ba, kuma yana rage kuɗi idan ya ga datti ko danshi. Gara kowa ya ji wannan daga bakina tun kafin a zauna, don kada a ji shi a tsakiyar ciniki rai ya ɓaci.

Bayan an gaisa, sai na ce: "Alhaji, wannan shi ne Malam, mutanensa a kan tamfol suke kakkaɓe riɗinsu, ba a ƙasa ba, kuma da idona na gani. Malam, Alhaji kuɗi hannu yake biya ranar da aka auna, shi ma na shaida." Na tsaya a kan abin da na gani kawai, domin duk yabon da na ƙara, ni za a nema in abu ya lalace.

Sannan na faɗa musu a fili cewa ba ni da la'ada a ciki. A kasuwa duk wanda ya haɗa mutum biyu dillali ake ɗaukarsa, kuma in ba a warware wannan ba, kowa zai riƙa ɓoye farashinsa na gaskiya. Ina faɗa na ga Malam ya saki jiki, ya ciro samfur daga jaka. Alhaji ya zuba a tafin hannu, ya hura, ya tauna, ya tambayi yaushe aka yanke. Daga nan na ja bakina na yi shiru.

Ba su yanke farashi ba, kuma hakan ya fi mini. Sun tsayar cewa yaron Alhaji zai je Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, da sikelinsa, a gwada da buhu ashirin tukuna. Allah Ya sa albarka.