Yadda Na Koyi Juya Sa'ar Swahili Zuwa Ƙarfen Agogo a Darussalam

Kwana uku da saukata a Darussalam, babban birnin kasuwanci na Tanzaniya, na yi ciniki da wani direba da zai kai ni Bagamoyo washegari, kuma da muka gama magana sai ya ce mini zai zo ƙofar masaukina da "saa nne asubuhi". A lokacin na riga na haddace ƙidayar Swahili daga ɗaya zuwa goma sha biyu, don haka na san "nne" huɗu ce, "asubuhi" kuwa kunnena na Bahaushe bai ji komai a cikinta ba sai asuba. Na kwana da shirin tashi ƙarfe huɗu na asuba, na fito da jakata tun gari bai waye ba, na yi ta jira har aka kira salla, rana ta fito, hantsi ya dubi ludayi. Direban ya iso ƙarfe goma daidai, hankalinsa kwance, domin a lissafinsa bai makara ko da minti ɗaya ba.

Dattijon da ke kula da masaukin, wanda kowa ke kira Mzee, shi ne ya zaunar da ni a daren ya warware mini abin. Ya ce: "Ɗana, mu nan ba daga tsakar dare muke fara ƙidaya ba, daga wayewar gari muke farawa." Idan rana ta yi awa ɗaya da fitowa, wato ƙarfe 7 na safe a agogo, wannan ita ce "saa moja", sa'a ta ɗaya. Ƙarfe 8 ita ce ta biyu, ƙarfe 10 ita ce ta huɗu, tsakar rana ita ce ta shida, ƙarfe 6 na yamma kuma ita ce ta goma sha biyu, inda yini ya ƙare, a sake sabuwar ƙidaya ta dare. Saboda haka ƙarfe 7 na dare ita ma "saa moja" ce, sai dai a bi ta da "usiku", ma'ana dare. A ganina wannan lissafi yana da hujjarsa, domin mutum ya fi sanin yininsa daga lokacin da ido ya fara gani, kuma mu ma kafin agogo ya yawaita da hantsi da walaha da azahar muke auna yini.

Dabarar juyawa ba ta da wuya: idan sa'ar da aka faɗa daga ɗaya zuwa shida ce, sai a ƙara shida, idan daga bakwai zuwa goma sha biyu ce, sai a debe shida. Mzee bai koya mini da lissafi ba, agogon hannuna ya kama ya nuna mini cewa kowace lamba tana da wadda ke fuskantarta a ɗaya gefen, huɗu tana kallon goma, uku tana kallon tara, ɗaya tana kallon bakwai. Duk lambar da aka ambata, sai in dubi kishiyarta, ita ce amsata. Wannan ya sa na ajiye dogaro da agogon waya mai nuna lambobi zalla na koma ga mai hannu, har kaina ya saba.

Mintoci ba sa canzawa, kuma a nan Hausa ta taimake ni ƙwarai, domin tsarin maganar kusan ɗaya ne. "Na nusu" shi ne "da rabi", "na robo" shi ne "da kwata", "kasoro robo" kuma shi ne "saura kwata". Abin kiyayewa shi ne a fara juya sa'ar tukuna, sannan a ɗora mintocin. Wata rana wani dillali a kasuwar Kariakoo ya ce zai kira ɗan'uwana da ke Kano da "saa tatu kasoro robo usiku" domin su daidaita farashin kaya. "Tatu" uku ce, kishiyarta tara, saura kwata kuwa ya ba ni ƙarfe 8:45 na dare. Amma aikin bai ƙare a nan ba, domin agogon Tanzaniya yana gaban na Najeriya da awa biyu, sai na debe biyu, ya zama ƙarfe 6:45 na yamma a Kano, wato gab da magariba a wancan lokacin na shekara. Na roƙi dillalin ya jinkirta zuwa "saa nne", ƙarfe 10 a wurinsa, ƙarfe 8 a Kano.

Kalmomin sassan yini su ne suka fi ruɗa ni, saboda kamarsu da namu. Dukanmu daga Larabci muka aro, shi ya sa "alfajiri" ta yi daidai da alfijir, "alasiri" ta yi daidai da la'asar, amma "asubuhi" ta fi asubarmu faɗi nesa ba kusa ba, domin ta haɗa safiya gaba ɗaya har zuwa dab da tsakar rana. Da na san wannan tun farko, da na gane cewa ba kasafai ake kiran ƙarfe huɗu na duku-duku "asubuhi" ba. Wannan lokaci a wurinsu "saa kumi" ne, wato sa'a ta goma, ta dare ko ta alfijir. Daga baya na mayar da kalmar sashen yini ta zama ma'aunina: idan na juya sa'a amsar ba ta dace da kalmar da ta biyo ta ba, to akwai kuskure.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ban gane ba. Ko da yake ana cewa daga fitowar rana ake ƙidaya, a yau ba a duba ranar kanta, an kafe farkon ƙidayar a ƙarfe 6 na agogo. Hakan bai zama matsala ba domin Darussalam tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, inda dare da yini suke kusan daidai duk shekara, kuma fitowar rana ba ta wuce tsakanin ƙarfe shida saura 'yan mintoci da shida da rabi da ɗoriya. Amma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa ba za a ɗauki "saa kumi na mbili jioni", wato ƙarfe 6 na yamma, a matsayin faɗuwar rana ba, musamman ga mai azumi, wanda dole ya jira kiran salla. A Habasha ma da irin wannan ƙidaya ake aiki, kuma dabarar shida tana ci a can.

Wurin da haɗarin ya fi yawa shi ne rubutu da gaurayen harshe. Sanarwar da aka rubuta da Swahili tana iya cewa "saa 2:30 asubuhi", alhali ƙarfe 8:30 ake nufi, ita kuma takardar da aka rubuta da Turanci agogon da muka sani take bi. Sannan wani yakan yi maka magana da Turanci don ya sauƙaƙa maka, amma ya fassara lambar kawai bai juya sa'ar ba, wani kuma ya juya maka, kai ma ka sake juyawa, ku koma gidan jiya. Maganin da na samu shi ne in maimaita lokacin da siga biyu, ko in nuna a fuskar agogona in ga an gyaɗa kai.

Ranar da zan bar gari zuwa Arusha, mai sayar da tikiti ya ce motar za ta tashi "saa kumi na mbili asubuhi". Da a makon farko ne, da na ji sha biyu na tafi tasha da tsakar rana, na tarar mota ta yi awa shida a hanya. Na ɗaga hannu na nuna masa lamba shida a agogona, ya ce haka ne, ya ƙara da cewa in iso da "saa kumi na moja na nusu". Ƙarfe biyar da rabi na asuba ina zaune a kujerata.