Yadda burodin zaƙi ya ɓata mini lissafin canjaras

Gidan burodina yana nan Tawa, kuma kala uku muke gasawa: dogon bagat, ƙaramin burodi na masu shayi, da burodin zaƙi mai madara da bota. Na daɗe ina auna ciniki da nauyin aljihu, sai da ɗan yayata mai karatu a jami'ar garin nan ya zaunar da ni da dare ya ce, "Kawu, guda nawa za ka saida a rana ka yi canjaras, ba ci ba faɗuwa?" Na rasa amsa.

Mun fara da kuɗin da ke fita ko an kunna tanda ko ba a kunna ba. Haya sefa 150,000, albashi har da nawa 450,000, wuta da ruwa da haraji 180,000, sai 120,000 da nake warewa saboda tsufan tanda da injin kwaɓi. Jimla 900,000 a wata, wato jika talatin kowace safiya kafin a ɗaga ƙofa.

Sannan muka bi abin da kowane guda yake ci. Buhun fulawa mai kilo 50 na saye shi 25,000, yana ba ni bagat wajen 270, kenan fulawar guda ɗaya kusan 93 ce. Da yis da gishiri da makamashin gashi ta kai 110. Ina ba 'yan sari a 150, saura 40. Ƙaramin yana cin 70, a saida 100, saura 30. Na zaƙi yana cin 320, a saida 500, saura 180. Wannan saurar ba riba ba ce tukuna, ita ke biyan jika talatin ɗin nan.

Da kala ɗaya nake yi, da rabawa kawai za a yi. Da yake uku ne, sai muka buɗe littafin ciniki muka ga cikin kowane goma da ya fita, shida bagat ne, uku ƙanana, ɗaya na zaƙi. Goman nan tana kawo 1,700, tana barin 240 da 90 da 180, wato 510, ko 51 a kan kowane guda. Raba 30,000 da 51, ka sami guda 589 a rana: kusan bagat 353, ƙanana 177, na zaƙi 59. Ta fuskar kuɗi kuwa, 510 cikin 1,700 kashi 30 ne cikin ɗari, don haka sai ciniki ya kai 100,000 a rana, miliyan 3 a wata. Na rubuta lambobin biyu da alli a bayan ƙofa.

Bayan wata biyu na yi wa kaina dabara. Na zaƙin nan yana da wahala, ga tsadar bota, ga shi yana tsare tanda, kuma ɗaya ne tak cikin goma. Na daina shi, na cika tanda da bagat. Ciniki ya hau zuwa guda 760 a rana, kuɗi 102,600. Duk lambobin bayan ƙofa na wuce su, har ina tsokanar yara cewa bana sai sabon babur. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin haya bai cika ba.

Yaron ya sake zuwa, bai ma zauna ba ya ce, "Kawu, goman taka ce ta canza." Yanzu bakwai bagat ne, uku ƙanana: 280 da 90, 370 kawai cikin cinikin 1,350. Kowane guda 37 yake bari, ba 51 ba. Guda 760 ɗin da nake taƙama da su 28,120 suke tarawa, kullum ina faɗuwa 1,880, a wata 56,400. Canjaras ya koma guda 811 a rana, kuɗi wajen 109,500. Ashe wancan ɗaya cikin goman shi ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na saurar, domin guda ɗaya nasa ya fi bagat huɗu.

Wani ramin kuma kwantai ne. Da farko abin da aka gasa nake ƙirgawa, alhali abin da aka saida ne ke shiga lissafi. Bagat ɗaya da ya kwana ya bushe ya tafi da 110, ya cinye saurar kusan guda uku da aka saida. Kwandon da mai babur ke dawo mini da shi da yamma, in da ashirin a ciki, sai an saida 55 kafin a cike gurbin.

Na dawo da na zaƙi. Yanzu duk Jumma'a ina ƙirga goman daga littafi, kuma ranar da buhu ya tashi ina goge allin in sake lissafi. A makon jiya lambar ta tsaya a 604.