Mako na shida a labo: ƙwayoyi 14 da suka koma 6

Ƴan'uwana masu koyon duba kaki don neman ƙwayar tarin huka, wannan makon a Tawa na gane cewa lambar da muke rubutawa a takardar sakamako tana fara lalacewa tun a wurin rini, kafin ido ya kai ga mikroskop.

Shimfiɗar ba ta ƙara ba ni wahala. Ina zaɓen ɓangaren kakin mai kauri da ruwan ɗorawa, in baza shi a tsakiyar lam ɗin gilashi daidai yadda za a iya karanta rubutun jarida ta cikinsa, in bar shi ya bushe da iska, sannan in ratsa shi ta harshen wuta sau uku. Daga nan sai rinin Ziehl-Neelsen: a rufe lam da karbol fuksin, a ɗumama har tururi ya tashi ba tare da ya tafasa ba, a bar shi aƙalla minti 5, a ɗauraye. A zuba asid salfurik mai kashi 25 cikin 100 na minti 3 don ya cire jan daga komai in ban da ƙwayoyin da kitsen jikinsu ya riƙe rinin, a ɗauraye, a sa shuɗin metilen na minti 1.

Ranar Talata, a lam ɗin wani marar lafiya, na ƙirga jajayen abubuwa 14 cikin fili 100, wato zagayen da ido ke gani lokaci guda a mikroskop, da gilashin ×100 mai mai, na rubuta 1+, domin ƙa'ida ta ce 10 zuwa 99 cikin fili 100 shi ne 1+, 1 zuwa 10 a kowane fili 2+, fiye da 10 a kowane fili kuma 3+. Da malaminmu ya sake dubawa, guda 6 kaɗai ya amince da su. Sauran gutsattsarin fuksin ne, saboda ban tace rinin ba, kuma na bari zafi da busasshiyar iskar garin nan sun shanye shi a kan lam ban ƙara wani ba. Ya nuna mini bambancin, kuma yanzu ina ganinsa sarai: ƙwayar tarin huka siririya ce, ja, mai ɗan lanƙwasa, wani lokaci da ɗigo-ɗigo kamar tsakiyar ado, alhali gutsuren rini yana da kusurwa da duhu, kuma ana samunsa har a gefen lam inda babu kaki ko kaɗan.

Sakamakon ya koma 6, domin idan ƙwayoyin 1 zuwa 9 ne cikin fili 100, ainihin adadin ake rubutawa. Marar lafiyar nan ko ta yaya yana da ƙwayar, amma abin da ya hana ni sukuni shi ne lam ɗin da babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, inda irin wannan dattin zai iya sa a ɗora mutum a kan maganin wata 6. Tun Laraba ina tace fuksin da takardar tacewa kai tsaye a kan lam, kuma na mai da lam ɗina shida a zubi ɗaya maimakon goma sha biyu, don in iya lura da wanda ya fara bushewa.