Wasiƙar da na rubuta wa ɗalibaina kan babi na biyu

A zangon da ya wuce ɗalibai tara nake dubawa a Gusau, dukansu masu rubuta kundin digiri na farko. Babi na ɗaya bai ba kowa wahala ba. Da aka zo babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, sai ƙafa ta ɗauke daga ofishina. Mako uku babu wanda ya leƙo, har ranar da wata ɗaliba 'yar Talata Mafara ta shigo da shafi ashirin da shida, ta ajiye, ta ce, "Malam, wallahi babin nan ya hana ni barci. Na karanta, na kwafa, amma ban san abin da ake nema ba."

Maganarta ta taɓa ni, domin laifin ba nata ba ne. Na ce musu su je su yi bita, ban taɓa zama na faɗa musu mece ce bitar ba. A daren nan na rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, na buga kwafi tara. Ga zuciyarta:

"Ɗalibaina, ku kwantar da hankalinku. Ku ɗauka rikicin iyakar gona aka kawo gaban hakimi, shaidu goma suka yi magana. In hakimi zai taƙaita, ba ya cewa wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza, har ya ƙirga goma. Cewa yake yi: kan cewa gonar ta gado ce, duk kun yarda, kan tsamiyar da ke iyaka, kun rabu biyu, batun rijiya kuwa babu wanda ya taɓo, shi nake son ji yanzu. Babi na biyu ke nan. Marubutan da kuka karanta su ne shaidu, ku ne hakimi, rijiyar ita ce bincikenku."

Na kuma roƙe su abu ɗaya: kowa ya ja layi a takarda ya yi gida biyar. Sunan marubuci da shekara, tambayar da ya yi, wurin da ya yi aikin da hanyar da ya bi, abin da ya samu, sai abin da bai duba ba. Na ce kada wanda ya rubuta jimla ɗaya ta babin sai ya cika wa ayyuka goma sha biyar waɗannan gidaje. A ganina sha biyar da aka karanta da kyau sun ishi kundin digiri na farko, sun fi hamsin da aka leƙa.

Da ɗalibar nan muka fara gwadawa. Bincikenta kan yadda manoman rani ke raba ruwa ne a Bakalori, madatsar da aka gina kan Kogin Sakkwato kusa da garinsu, aka kammala a 1978. Cikin shafukanta akwai ayyuka uku masu nauyi, amma ta watsa su, kowanne da sakin layinsa. Akwai na Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na 1985, kan tarzomar manoma da aka murƙushe da bindiga a watan Afrilun 1980. Akwai biyu na W. M. Adams: na 1985 kan abin da madatsar ta jawo wa mutanen da ke ƙasa da ita, da na 1988 kan rikicin filaye da yadda aka tsara aikin madatsar. Ta rubuta su bi da bi, kowane sakin layi ya fara da suna da shekara, ya ƙare ba tare da ya gaisa da na kusa da shi ba.

Na ce ta yanke sakin layukan da almakashi, ta cakuɗa, ta sake jerawa yadda ta ga dama. Ta yi, muka karanta, babu abin da ya lalace. Wannan ita ce alamar da nake gane jerin sunaye da ita. In bita ce ta gaske, da ka ɗauke sakin layi ɗaya ka kai shi wani wuri, maganar za ta karye, saboda kowanne kan na bayansa ya hau.

Da ta cika gidajen nan biyar, ita da kanta ta ga abin da ke ɓoye. Beckman da Adams na 1988 rikici ɗaya suke kallo, amma ba wuri ɗaya suka ɗora nauyi ba. Beckman ya ɗauke shi a matsayin karo tsakanin talakawa manoma da hukuma da masu jari. Adams ya fi tsayawa kan yadda aka karɓi filaye, da batun diyya, da sake rabon gonaki, da tsarin da bai saurari manomi ba. Sai ta haɗa su a sakin layi ɗaya, ta buɗe shi da batun, wato dalilin rikicin, sannan sunayen suka biyo baya. Aikin Adams na 1985 kuwa wani sakin layi ya koma, domin maganarsa ta fadamar da ke ƙasa ce: ambaliyar damina ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ma ya ragu. Da ta dubi gida na biyar, sai ta lura duka ukun na shekarun farkon madatsar ne, kuma babu wanda tambayarsa ita ce yadda manoma ke shirya wa kansu wane ne zai buɗe ruwa yau, wane ne gobe. Shafi ashirin da shida suka dawo goma sha ɗaya.

Amma wasiƙar ta yi wani lahani da ban hango ba. Misalin rijiya ya shiga kansu fiye da kima. Biyar daga cikin tara suka dawo da jimla iri ɗaya: "Babu wanda ya taɓa bincike kan wannan batu." Wannan magana ce mai haɗari. Ɗalibin da ya karanta ayyuka sha biyar ba shi da hurumin yi wa duniya rantsuwa, kuma ranar kare kundi malami ɗaya da ya san wani kundi a Sakkwato ko Zariya ya isa ya rusa babin. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, "a cikin ayyukan da wannan bincike ya samu dubawa." Giɓin kuma ba dole ne ya zama sabon batu fil ba. Yana iya zama wuri dabam, ko zamani dabam, ko mutanen da ba a tambaya ba, kamar mata masu aikin gayya da ƙodago a gonakin albasa.

Abu na biyu da ban sa a wasiƙar ba ya fi damuna. Na tambayi wani ɗalibi shafin da ya ga wata magana da ya jingina wa marubuci, ya sunkuyar da kai. Ashe a kundin wani ya gani, ya ɗauko har da kuskuren shekara. Na ce masa, "Ɗana, abin da idonka bai gani ba kada ka ce ka gani. Ka rubuta 'kamar yadda wane ya rawaito', ko ka je ka nemo asalin." Gida na uku, na hanyar da marubuci ya bi, shi ke tona wannan, don wanda bai karanta aiki ba ba zai iya faɗin mutum nawa aka yi hira da su ko a wane ƙauye ba.

Bana na sake buga wasiƙar. Na ƙara layi biyu kan waɗannan abubuwa, na kuma ƙara gida na shida a takardar, na lambar shafi. Har yanzu shafi ɗaya ce, kuma ina raba ta tun ranar da aka amince wa ɗalibi da batunsa, kafin ya fara kwafa.