Ci biyu da nema ne ya yaga mini tikiti

Har yau idan na tuna wasan ƙwallon nan da na yi caca a kansa sai raina ya ɓaci, domin ƙungiyar da na zaɓa ta ci, ni kuma na tashi a tutar babu.

Farashin sakamakon wasan, wato adadin da ake ninka kuɗinka da shi idan ka ci, ya tsaya haka: masu masaukin baƙi 2.10, canjaras 3.40, baƙi 3.60. Na daɗe ina bin 1X, wato ko masu gida su ci ko a tashi kunnen doki, don ina ganin ƙofa biyu ta fi ɗaya. A ranar 1.25 aka ba da shi. Sai na ga ribar ta yi kaɗan, na ƙara masa GG, wato kowace ƙungiya ta zura ƙwallo aƙalla ɗaya. Haɗin ya kai 2.20, na sa 100, na zauna kallo hankalina kwance.

Aka tashi 2-0. Ɓangaren 1X ya ci, GG ya faɗi, kuɗin suka tafi gaba ɗaya.

Da na huce na ɗauki takarda na jera sakamakon da 1X ke karɓa: 1-0, 2-0, 3-0, 0-0, 1-1, 2-1 da sauransu. Ƙara GG ya share huɗun farko. Sakamakon da ke sa 1X ya zama abin dogaro, inda masu gida ke rufe ragarsu, su ne na fitar da hannuna. Na goyi bayan ƙungiya, kuma a tikiti guda na yi fatan a zura mata ƙwallo. In ba canjaras mai ƙwallaye aka yi ba, dole masu gida su ci biyu ko fiye, tun da sai an zura musu ɗaya. Wannan bai ko zo mini a rai ba lokacin da nake danna maɓalli.

A daren ne kuma na gano abu na biyu, wanda ya fi ƙona mini rai don ya shafi duk tikitin da na yi a baya. Farashin 1X daga farashin sakamako yake fitowa, kuma kowa zai iya lissafa shi:

`1X = 1 / (1/2.10 + 1/3.40)`

Ɗaya a raba da 2.10 ya ba da 0.476, ɗaya a raba da 3.40 ya ba da 0.294. A haɗa su, 0.770. Ɗaya a raba da wannan, sai a sami 1.30. Ni kuwa 1.25 na karɓa. Da na raba 100 ɗin da kaina, 62 a kan masu gida, 38 a kan canjaras, ko wanne ya faru zan karɓi kusan 130, ba 125 ba. Biyar ɗin nan ba ta da yawa a ido, amma ɗaya bisa shida ce ta ribar. Kuma kada a manta, ko 1.30 ɗin da rabon kamfanin caca a ciki, domin idan aka haɗa duka ukun, har da 0.278 na baƙi, 1.048 ake samu maimakon 1. Da farashin 1.25 sai ka ci huɗu cikin biyar kafin ka tashi ba riba ba asara. Faɗuwa ɗaya na cinye nasara huɗu.

GG ba haka yake ba. Babu wani lissafi da zai fitar da shi kai tsaye daga 1X2, wato farashin sakamakon nan uku, saboda 1-0 da 3-2 duk nasarar masu gida ce, amma ɗaya NG ne, wato ba duka biyun suka zura ƙwallo ba, ɗaya GG. Abin da ya fi juya farashinsa shi ne ko ƙungiyar da ta fi rauni za ta iya ganin raga. Shi ya sa idan babbar ƙungiya na kan 1.20, sau da yawa GG ke hawa sama, duk da ana sa ran ruwan ƙwallaye. Ɓangare ɗaya ne zai sha su. Farashin Over/Under 2.5, wato ko jimillar ƙwallaye za ta wuce biyu ko a'a, ya fi nuna inda GG ya dosa.

Yanzu kafin in taɓa 1X ko X2, wato canjaras ko baƙi su ci, sai na yi wancan lissafin, bai kai minti ɗaya ba. Idan kuma hannuna ya kai kan GG, sai na tambayi kaina wane ɗan wasa ne a cikin baƙin zai ci. A wancan wasan ba ni da sunan ko mutum ɗaya, farashin kawai na so ya ƙaru.